Ina so ɗan sari ya ajiye min kaya in riƙa biyan abin da na sayar, ta ina zan ɓullo masa?

Sani Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina da shagon tireda a Samaru ta Zariya, yawancin masu saye a wurina ɗalibai ne. Akwai wani Alhaji a kasuwar Sabon Gari da na daɗe ina sari a wurinsa, kuɗi hannu, ban taɓa cin bashinsa ba. Abin da ke damuna shi ne kayan shafa: mai, sabulun wanka mai ɗan tsada, turaren feshi. 'Yan mata suna tambaya kullum, riba kuma tana da kauri, amma kayan ba sa gudu kamar taliya da sukari. In na zuba dubu ɗari a cikinsu sai kuɗin su kwanta, in rasa na sarin kayan abinci. So nake in ce masa ya zuba min kayan a shago, su zama nasa, duk abin da na sayar in biya, wanda ya rage in mayar masa. Yaya zan faɗa masa ba tare da ya ga kamar na karye ba?

Nura Kwangila:
Wa alaikumus salam. Malam Sani wannan ai bashi ne kawai. Ka je ka ce ya ba ka kaya bashi zuwa ƙarshen wata, shi ke nan. Tun da kun saba ba zai hana ka ba.

Alhaji Garba Sabon Gari:
Nura, ba ɗaya ba ne, kuma in Sani ya je da wannan fahimtar to tun daga ƙofa ya ɓata maganar. In na ba ka kaya bashi, daga lokacin da yarona ya ɗora su a keke sun zama naka. Ka sayar ko ba ka sayar ba, ranar da muka yanka za ka kawo min kuɗina cif. Abin da Sani yake so kuwa, kayan suna kan kantarsa amma nawa ne. Wanda bai fita ba zai dawo min. Ma'ana shi ya huta da kwantai, ni na ɗauka.

Ni sari nake yi, don haka bari in faɗa maka abin da zai zo a ran Alhajinka da zarar ka buɗe baki. Zai ce a ransa: wannan yaron da yake kawo min kuɗi hannu, yanzu yana so in mayar da kuɗina kaya in kai Samaru su zauna, inda idona ba ya gani. Me zan samu? In ba ka zo da amsar wannan tambayar ba, zai yi maka murmushi ya ce "bari mu gani", kuma ba za ku gani ba har abada.

Sani Samaru:
Allah ya ƙara girma Alhaji. To me zan ce masa zai samu? Ni dai na san zan ƙara sayar masa da kaya.

Alhaji Garba Sabon Gari:
Kowa haka yake cewa. "Zan sayar maka da yawa" ba ya shiga kunnen ɗan sari. Abin da ke shiga shi ne ka ce: Alhaji, wanda kake ba ni a 2,000 kuɗi hannu, ka sa min shi a 2,100, kuma duk mako a ƙirga abin da ya rage in biya na wanda ya fita. Ƙarin nan shi ne ladan kuɗinsa da suka kwanta, ƙirgar kuma ita ce idonsa a shagonka. Sannan ka tabbatar masa taliya da sukari da madara za ka ci gaba da saye kuɗi hannu kamar yadda aka saba. Wannan na ƙarshen kar ka manta da shi, don babban tsoronsa shi ne yau man shafawa, gobe ka ce a haɗa da buhun sukari.

Kuma kar ka kuskura ka roƙi wannan tsarin a kan kayan da ke gudu. Kayan da ake layi a kansu a shagonsa, me zai sa ya kai maka su jira?

Idris Danmagaji:
Ni fa a ganina ka nemi rance a banki ko ka shiga adashe ka ƙara jari. Akwai adashen da muke yi duk Juma'a, in kana so ka yi min magana ta gefe.

Sani Samaru:
Na gode Idris, amma ba kuɗi nake nema ba. Ko da na samu kuɗin, in na saye kayan suka ƙi fita ni ne da asara. Abin da nake gudu ke nan.

Maryam Kongo:
Yaya Sani, bari mu yi lissafin da kuɗin da Baba Alhaji ya kawo, ka ga ko abin ya biya ka kafin ka je. Ni ina riƙe wa mahaifina littafin shago ne, irin wannan shi ne aikina.

A ce man shafawa dozin huɗu, guda 48. Da kuɗi hannu a 2,000, ka fitar da 96,000. Kana sayarwa 2,500, ribarka 500 a kowane ɗaya. A sabon tsari ba ka fitar da ko sisi ba, amma ribarka ta koma 400. In duka 48 suka fita, abin da ka sarayar 4,800 ne.

Yanzu duba abin da 96,000 ɗin za su yi a wani wurin. A ce ka zuba su a kayan abinci da ke juyawa duk mako, kana samun naira uku a kowace ɗari. Wato 2,880 a mako. In man zai ɗauki wata guda kafin ya ƙare, kuɗinka sun samo maka sama da 11,000 a wannan watan. Ka ba da 4,800 ka karɓi 11,000, ba laifi. Amma ka sa naka adadin na gaskiya, ni misali na yi. In kayan abincinka ba sa juyawa duk mako, ribar za ta ragu sosai.

Alhaji Garba Sabon Gari:
'Yata lissafinki daidai ne, amma na ɓangaren Sani kika yi. Juya shi ta wajen Alhaji. In dozin huɗun suka ƙare a wata guda, ya samu ƙarin 4,800 a kan ribarsa ta kullum, ya ji daɗi. In kuwa wata biyu suka wuce rabi kawai aka sayar fa? Ya samu 2,400, kuɗinsa sun yi wata biyu a Samaru, sannan a dawo masa da guda 24 da ƙura ta hau su, takardar jikinsu ta koɗe da rana, katan ɗin an yaga. Wa zai saye su a wurinsa a matsayin sari? Mai sari cikakken katan yake so a rufe.

Shi ya sa nake cewa kar ka nemi dozin huɗu. Nemi biyu. In sun ƙare a mako biyu, shi da kansa zai ce a ƙara maka. Kaya kaɗan da ke fita sun fi gina maka suna a wurinsa a kan kanta cike da kayan da ke barci.

Hajiya Binta Tudun Wada:
Ni nawa da atamfa da leshi ne. Wata 'yar uwa tana kawowa daga Kantin Kwari ta ajiye min a gida, mata suna zuwa suna zaɓa. Shekara ta farko lafiya lau. Inda muka samu matsala shi ne bashi. Mata su ɗauka su ce sai albashi, ni kuma in ce mata ai ba a biya ba tukuna, ita kuma ta ce ai turmin ya bar gidana, to ta ina ya shafe ta? Mun kusa ɓatawa, sai da yayanmu ya shiga tsakani. Kai da ɗalibai ne abokan cinikinka, ka san halin "sai an turo min daga gida". Ku yi wannan maganar tun farko.

Alhaji Garba Sabon Gari:
Hajiya ta taɓo inda yake. Ita mai kayan ce ke da gaskiya. Abin da ya bar kanta an sayar da shi, ko an biya ka ko ba a biya ka ba. Kai ka san ɗalibar, kai ka yarda da ita, bashin naka ne.

Maryam Kongo:
Wannan ya kawo mu kan yadda ake ƙirgar, don nan ne mutane suke rikicewa. Ba littafin cinikinka ake bi ba, kanta ake bi. A ce an kawo maka 24 ranar Asabar. Asabar mai zuwa yaron Alhaji ya zo kuka ƙirga, saura 13. To 11 sun fita. Za ka biya 11 sau 2,100, wato 23,100.

Sai ka buɗe littafinka ka ga 10 ka rubuta. Ina ɗayan? Ko yaron shago ya sayar ya manta bai rubuta ba, ko wani ya zura a jaka lokacin da shago ya cika da magariba, ko ƙanwarka ta ɗauka. Ba ruwan Alhaji. In sata ce, kuɗin da suka shigo aljihunka 25,000 ne na guda goma, ka biya 23,100, ribar makon ta koma 1,900 maimakon 4,400. Guda ɗaya tak ta cinye fiye da rabin ribarka. Don haka kayan nan a bayanka za su zauna ko a cikin gilashi, ba bakin ƙofa ba.

Bayan an ƙirga, a cike maka su koma 24, ku biyu ku sa hannu a littafi ɗaya: ranar, abin da aka tarar, abin da aka biya, abin da aka ƙaro. Ka ɗauki hoton shafin ka tura wa Alhaji a waya nan take.

Sani Samaru:
Akwai saurana na irin man nan guda bakwai da na saya da kuɗina. In haɗa su wuri ɗaya?

Maryam Kongo:
A'a! Ka sayar da naka su ƙare kafin nasa su shigo. In ba za ka iya jira ba, a ɗiga wa nasa alama da alƙalamin maka a gindi. In suka cakuɗe, kullum za ka ce naka ne ya fita, shi kuma ya ce nasa ne, kuma babu mai iya raba ku.

Nura Kwangila:
To na ji ba bashi ba ne. Amma ni shawarata a je wurin lauya a rubuta yarjejeniya da hatimi. Zamanin nan ba a yarda da baki.

Alhaji Garba Sabon Gari:
Rubutu dole ne, nan ka yi daidai. Lauya kuwa, a kan kayan dubu hamsin? In Sani ya shigo shagona da lauya zan ɗauka ƙara yake shirin kai ni. Takarda ɗaya ta isa, kofi biyu, da shaidu biyu. In da hali ɗaya ya zama dattijon da Alhajin ya sani a kasuwa, wanda zai ce "na san yaron nan, na san gidansu". Wannan dattijon ya fi kowane hatimi aiki.

Amma akwai abin da duk ba ku taɓo ba, kuma shi ne ya fi raba mutane: farashi. Kun ga abin da ya faru bayan cire tallafin mai a 2023. Kaya ka sayar da safe, da yamma ka kasa sayo madadinsa da kuɗin. Waɗanda muka ba bashi a tsohon farashi suka biya mu kuɗin da ba za su dawo da rabin katan ba. Da yawa daga cikinmu tun lokacin muka rufe littafin bashi.

To Sani, nan ne makaminka yake in ka gane. Tun da kayan nasa ne har ranar da suka fita, in farashi ya tashi, abin da ya rage a kantarka ya hau sabon farashi. A ce saura 13, kamfani ya ƙara 200. Alhaji ya kira ka, a ƙirga a ranar, abin da ya riga ya fita ka biya a tsohon kuɗi, 13 ɗin nan su koma 2,300, kai ma ka ɗaga naka. Bashi ba ya ba shi wannan. Ka faɗa masa da bakinka tun kafin ya tambaya. Zai ɗago kai ya kalle ka.

Sani Samaru:
Amma Alhaji in farashi ya sauka fa?

Alhaji Garba Sabon Gari:
Haka nan dai, ya sauke maka. Ka sa a rubuta duka biyun, don mu 'yan sari wayarmu tana saurin kira in kaya ya tashi, in ya sauka kuma sai caji ya ƙare.

Hajiya Binta Tudun Wada:
Alhaji ka faɗi gaskiya wallahi, Allah ya saka.

Malam Yusuf Ƙofar Doka:
Na daɗe ina karantawa. Bari in sa baki ta fuskar shari'a, tun da dukiyar mutane ce. Abin da Sani yake nufi wakilci ne: Alhaji ya wakilta shi ya sayar masa da kaya, shi kuma yana da lada. Halal ne. Sai dai akwai sura biyu kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Ta farko, Alhaji ya ce sayar min da wannan a 2,500, ladanka 400 a kowane ɗaya. Lada sananne, farashi sananne. Ta biyu, ya ce ni dai kawo min 2,100, duk abin da ka samu a sama naka ne. Imamu Buhari ya kawo a babin ladan dillanci cewa Ibn Abbas bai ga laifin irin wannan ba, Imamu Ahmad ma ya halatta, amma da yawa daga cikin malamai sun ƙi saboda ba a san adadin ladan ba lokacin ƙulla magana. Tun da kuɗin ɗaya za su fito, me zai hana ku rubuta ta farkon ku huta?

Sani Samaru:
Allah gafarta Malam, matsalar ita ce ciniki. Wata za ta tsaya sai na rage mata ɗari. In an rubuta 2,500 ba ni da ikon ragewa ke nan?

Malam Yusuf Ƙofar Doka:
Ka nemi izininsa tun farko, a rubuta cewa in ka yi ragi daga ladanka zai fita. Nasa 2,100 ba ya motsi.

Sai magana ta biyu, wadda na san Alhaji Garba ba zai so ta ba. Kayan da ke hannun wakili amana ne. Ka'ida ita ce amintacce ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka sa masa. In gobara ta tashi daga maƙwabta, ko ɓarayi suka fasa shago da dare alhali ya kulle kamar yadda ake kullewa, asarar ta mai kaya ce. In kuwa ya bar shago a buɗe ya tafi kallon ƙwallo, ko ya jera mai a inda rana ke dukansa har ya narke, shi zai biya.

Alhaji Garba Sabon Gari:
Allah gafarta Malam, ban musa karatu ba. Amma ina zaune a Sabon Gari, yaya zan san an fasa shago da gaske ko shi ya kwashe ya ce an fasa? In aka ce duk abin da ya ɓata nawa ne, wallahi babu ɗan sarin da zai ba da ko dozin ɗaya. Ni waɗanda nake ba wa, sharaɗina kaya su dawo ko kuɗi su dawo.

Malam Yusuf Ƙofar Doka:
To in haka ne ka kusa mayar da shi bashi, alhali kana riƙe da damar ɗaga farashi ta mai kaya. Ba a cin riba biyu, Alhaji. Wanda amfanin kaya yake komawa gare shi, shi ne asararsu take hawa kansa.

Maryam Kongo:
Ko a raba? Ɓatan ɗai-ɗai da ake ganowa ranar ƙirga na mai shago ne, tun da shi ke tsaron kanta. Babban abu kamar gobara ko fasa shago da maƙwabta suka shaida, aka kai rahoto ga 'yan sanda, wannan na mai kaya.

Malam Yusuf Ƙofar Doka:
Wannan ya fi kusa da daidai.

Alhaji Garba Sabon Gari:
Ni dai rabi da rabi zan ce a kan babban ma. In yaro ya san ba zai rasa komai ba, kwaɗonsa na ɗari biyar zai zama. Amma Sani ka ji ra'ayi biyu, ka je ku daidaita da mutuminka.

Malam Yusuf Ƙofar Doka:
Ƙari ɗaya a kan takardar. Rai a hannun Allah yake. In Sani ya faɗi yau, magada za su shigo shago su ƙirga komai a matsayin gado. In Alhaji ne ya rasu, 'ya'yansa ba su san akwai kayan ubansu a Samaru ba. A rubuta a sarari cewa kayan na wane ne, suna ajiye ne a shagon wane. Matarka ko ɗan'uwanka ma su san da maganar.

Idris Danmagaji:
Amma Samaru fa in an yi hutu gari mutuwa yake. Ka tuna yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas. Da kayan mutum suna hannunka lokacin fa?

Alhaji Garba Sabon Gari:
Yawwa Idris, yanzu ka zo kan hanya. Sani, wannan ma kai za ka fara kawo shi. Ka ce masa mako ɗaya kafin ɗalibai su tafi hutu za a yi ƙirgar ƙarshe, ka biya, sauran ka mayar masa da kuɗin kekenka. In sun dawo a sake. In yajin aiki ya faɗo ba zato, mako biyu ka mayar. Haka duk abin da wa'adinsa ya rage wata uku, ya koma, don shi ma ya samu lokacin sayarwa. Kar ka riƙe kaya sai saura kwana goma su lalace sannan ka kawo masa, wannan cuta ce. Kai ma ranar da aka kawo kayan ka duba kwanan watan da ke jikinsu ɗaya bayan ɗaya a gaban yaronsa. In an turo maka wanda saura wata huɗu, ka mayar nan take.

Sani Samaru:
Na gode ƙwarai. Wane lokaci ya fi dacewa in same shi? Kuma in fara da waya ne?

Alhaji Garba Sabon Gari:
Ba a wannan maganar a waya. Kuma ba da safe ba, lokacin da masu keke suka cika ƙofa yana ta faɗa da yara. Ka je bayan la'asar. Ka fara yin sarinka na kullum, ka biya, ya ga kuɗin sun shiga. Sannan ka ce Alhaji ina da 'yar magana. Ka tafi da tsofaffin rasit ɗinsa da ke wurinka, da 'yar takardar da ka rubuta kayan da ake tambaya ba ka da su. Ka ce gwaji ne na wata ɗaya, kaya iri biyu ko uku, in bai gamsu ba ya kwashe abinsa.

Ranar biya kuma kar ka zaɓa da kanka. Tambaye shi wace rana yake tura kuɗi kasuwar Singa ta Kano ko duk inda yake ɗauko kaya, ka sa taka ta zama kwana ɗaya kafin nan. Kuɗin da suka zo ana gobe za a yi oda sun fi waɗanda suka zo jibi daraja.

Bari in faɗa maka yadda nake gane tsarin ya fara ruɓewa, don ka kiyaye. Ana bin yaro 23,100 sai ya turo 20,000 ya ce cikon sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya ce kar yarona ya wahala ya zo, shi zai ƙirga ya faɗa min. Daga ranar da kuɗi suka fara zuwa dunƙule babu 'yan canji a bayansu, na san ba ƙirga ake ba, kuma kuɗina sun shiga buhun sukari. Kuɗin kayan nan ka ware musu gwangwaninsu daban. Duk wanda ya fita, 2,100 ta faɗa ciki nan take. In ta waya aka biya ka, ka cire daga aljihun tebur ka saka.

Nura Kwangila:
Kai, wannan wahalar duk a kan ribar 400? Ni gara in saya da kuɗina in huta da ƙirge-ƙirge.

Hajiya Binta Tudun Wada:
In kana da kuɗin ai shi ke nan, ɗana. Ni da nawa zan saye leshi da ban taɓa fara sana'ar ba.

Sani Samaru:
Salam. Na dawo da labari. Na je jiya bayan la'asar kamar yadda Alhaji Garba ya ce. Ya saurare ni har ƙarshe, maganar farashin ce ta fi kama shi, sai da ya sa na maimaita. Amma bai ba ni yadda na so ba. Man da nake nema ya ce wannan yana fita a wurinsa, sai dai kuɗi hannu. Ya yarda da turaren feshi dozin ɗaya, sai wani sabon sabulu da kamfani ya turo masa, katan biyu, wanda ni ban taɓa jin an tambaye shi ba. Ƙirga duk Asabar, amma ni zan biya kuɗin motar yaronsa. Sannan ya ce in ajiye 20,000 a wurinsa, in mun rabu lafiya ya mayar min. Ban amsa ba, na ce zan yi shawara.

Alhaji Garba Sabon Gari:
Ka ci rabin nasara. Sabulun nan kwantansa ne yake so ka gwada masa, kuma ba laifi, ai don irinsa aka yi tsarin. Amma tun da kai ne za ka yi wahalar tallata shi, kar ka yarda da ƙarin farashi a kansa. Ya ba ka a kuɗin sari ko ƙasa da haka. Kuma katan ɗaya, ba biyu ba. Ka buɗe ɗaya ka ajiye a kan kanta mutane su shinshina, ku yi magana tun yanzu wannan ɗayan a kan wa yake.

Maryam Kongo:
Ni 20,000 ɗin ce ta tsaya min. Nawa ne kuɗin kayan gaba ɗaya, Yaya Sani? In duka ba su wuce 60,000 ba, ka ajiye kashi ɗaya cikin uku ke nan, a kan kayan da rabinsu ba kai ka zaɓa ba. Ga kuɗin motar yaro duk mako. In zuwa da dawowa 1,000 ne, ribar guda biyu da rabi ta tafi kafin ka fara. Ka ce kai za ka riƙa kai lissafin ranar da kake zuwa sari, da hoton kanta, yaron ya zo sau ɗaya a wata.

Alhaji Garba Sabon Gari:
A'a 'yata, watan farko a bar yaron ya zo duk mako. Hoto ba ya nuna abin da ke bayan layin gaba. Sai dai a raba kuɗin motar.

Malam Yusuf Ƙofar Doka:
Kuɗin da zai ajiye ɗin, Alhajin zai juya su ne ko zai ajiye su? A tambaye shi, don hukuncin ba ɗaya ba ne. Ni da zai karɓi mutum ya tsaya masa a madadin kuɗin da ya fi min.

Sani Samaru:
Kayan duka 58,000 ne. Akwai kawuna da ke sayar da buhuna a layin bayansu, sun san juna. Zan roƙe shi mu je tare ranar Alhamis, in ce a cire ajiyar ko a mayar da ita 10,000. Malam, zan tambaye shi maganar juyawar. Maryam, in na rubuta takardar yau da dare zan turo miki ki duba min lissafin.

Maryam Kongo:
Turo. Ka bar fili a ƙasa na kuɗin kowane kaya, kar ka rubuta su cikin jimla, tun da za su riƙa canzawa.